Maganiziyam, baleriyan ko melatonin: wanne ya dace da barcin da ya juye bayan azumi?

"Assalamu alaikum. Ina aiki a Jidda, shekaruna 48, ina da ciwon sukari. Tun bayan azumi barci ba ya ɗaukata sai ƙarfe biyu na dare, ga sallar asuba, ga fita aiki ƙarfe bakwai. Ranar Juma'a kuwa sai na kai goma ina barci. A saidaliyya, wato kantin magani, na ga maganiziyam da baleriyan da melatonin, wani abokina kuma ya ce in sha Fanadol na dare. Wanne ne ke aiki da gaske?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara afuwa. Wanda yake iya yin barcin awa takwas ranar hutu bai rasa barci ba, agogon jikinsa ne ya ja baya, kamar yadda yakan faru bayan wata guda na tarawihi da tahajjud da sahur. Da wannan za mu auna kowannensu.

Maganiziyam sinadari ne da jiki ke samu a wake, gyaɗa, alayyafo da hatsin da ba a surfa ba. Namiji baligi na buƙatar miligiram 400 zuwa 420 a rana. A 2021 an tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan tsofaffi masu rashin barci, aka samu guda uku kacal, mutum 151 duka-duka. Waɗanda suka sha sun riga masu shan ƙwayar bogi yin barci da kusan minti 17, amma tsawon barcin bai ƙaru yadda za a kafa hujja da shi ba, kuma masu nazarin da kansu sun ce gwaje-gwajen raunana ne. Ba ya kuma matsar da agogon jiki. In za ka gwada, duba adadin zallar maganiziyam a bayan kwalba, domin nauyin ƙwayar daban ne: ƙwayar maganiziyam nau'in gilaisinet mai miligiram 1,000 ba ta ɗauke da fiye da kusan 140. Iyakar da Amurka ta sa wa na ƙwaya miligiram 350 ne a rana. Nau'in oksaid ya fi araha, amma hanji ba ya tsotse shi sosai, shi ya sa ya fi sa gudawa. Abin da ya fi shafarka shi ne ƙoda. Ita ke fitar da rarar maganiziyam, sukari kuma kan taɓa ƙoda a ɓoye. Idan ta yi rauni sai ya taru a jini, ya kawo kasala, faɗuwar bugun jini da tafiyar hawainiyar zuciya. Kada ka fara sai ka ga sakamakon gwajin ƙodarka na kwanan nan. Yana kuma hana wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta shiga jiki, irin su sifurofuloksasin da doksisaikilin, sai an raba su da awoyi.

Baleriyan saiwar wani tsiro ce mai wari, ana kiranta nardin da Larabci. An yi gwaje-gwaje da yawa a kanta, yawanci da miligiram 300 zuwa 600 kafin kwanciya. Abin da ke ta maimaituwa shi ne, in an tambayi mutane wasu kan ce barcinsu ya gyaru, in an auna mintoci kuwa ba a ganin bambanci na kirki. Ana samun ciwon kai da nauyin jiki da safe, kuma jefi-jefi an kawo rahoton illa ga hanta. Wadda ake aunowa a wurin masu kayan ƙamshi da saiwoyi ba wanda ya san ƙarfinta. A ganinmu, kuɗinka ba su cancanci tafiya nan ba.

Fanadol na dare magani ne sosai, ba ƙarin abinci ba. Kowace ƙwaya tana da farasitamol miligiram 500 da difenhaidiramin miligiram 25, na biyun ne ke kawo gyangyaɗi. Yana kwantar da mutum a daren farko, amma jiki na sabawa da sauri: a wani gwaji na 2002, zuwa rana ta huɗu gyangyaɗinsa ya zama daidai da na ƙwayar bogi. Abin da ke saura shi ne bushewar baki, nauyin kai a kan sitiyari da safe, da wahalar fitsari ga mai kumburin mafitsara ta gaba. Ga farasitamol da kake ɗora wa hanta ba tare da ciwo ba. Dattawa masu shekara 65 zuwa sama su guje shi, yana rikita musu tunani, yana sa faɗuwa.

Melatonin ne ya fi kusa da damuwarka, amma ba ta hanyar da yawancin mutane ke shansa ba. Sinadari ne da ƙwaƙwalwa ke saki in duhu ya yi, yana shaida wa jiki cewa dare ya shigo. A matsayin maganin barci ba shi da ƙarfi: nazarin 2013 da ya haɗa gwaji 19 ya nuna yana rage jiran barci da kusan minti 7, yana ƙara tsawonsa da kusan minti 8. Don haka a 2017 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawarar kada a dogara da shi, ko baleriyan, ko difenhaidiramin, wajen rashin barci mai daɗewa. Inda yake da amfani shi ne jawo agogon jiki gaba, kuma a nan lokacin sha ya fi yawan ƙwaya muhimmanci.

Ga yadda lissafinka zai kasance. Barci na ɗaukarka ƙarfe biyu, sai ka koma baya da awa biyar: ƙarfe tara na dare, bayan isha'i. Ka sha rabin miligiram zuwa miligiram ɗaya, ba biyar ko goma ba. Nemi ƙwaya mai miligiram ɗaya, kada ka raba nau'in da aka rubuta yana narkewa a hankali. Bayan ka sha kada ka yi tuƙi, ka rage fitilun ɗaki, ka ajiye waya wajen sha ɗaya. Da safe, tsakanin takwas da tara, ka samu minti 20 zuwa 30 a hasken waje, ko da a inuwa ne. Idan bayan kwana uku barci ya dawo ɗaya da rabi, ka matso da ƙwayar zuwa takwas da rabi, hasken safiyar ma ka matso da shi, haka har ka isa sha ɗaya ko sha biyu. Yawanci mako biyu zuwa uku ake ɗauka, daga nan ka daina.

Abu uku ne ke ɓata wannan tsari. Na farko, shan miligiram goma ƙarfe ɗaya na dare: yana kwana a jini har safiya, ka tashi a gajiye, agogon bai motsa ba. Na biyu, barcin ramuwa na Juma'a da Asabar, wanda ke rushe aikin mako. Kada ka wuce ƙarfe takwas na safe kana barci. Na uku gahawa da shayin bayan magariba, domin bayan awa biyar kusan rabin sinadarin kafeyin da ke cikinsu yana nan a jini. Ka tsayar da su daga la'asar, ƙailula kuma kada ta wuce minti 20.

Abin da ke kan kwalba ba lallai shi ne a ciki ba. A 2017 an auna kayan melatonin 31 a Kanada, aka samu wani ya gaza abin da aka rubuta da kashi 83 cikin ɗari, wani ya ninka shi fiye da sau biyar. Ka saya a saidaliyya mai rajista, ka bar na alawa, musamman in akwai yara a gida. Melatonin kan iya taɓa yadda jiki ke sarrafa sukari idan ya haɗu da abincin dare, don haka ka ci abinci da wuri, ka sa ido a kan awon safe, ka kuma gaya wa likitanka kafin ka fara, balle in kana shan warfarin, maganin hana daskarewar jini.

Idan kana minshari mai ƙarfi, ko iyali sun ga numfashinka na yankewa, ko fitsari na tashinka sau da yawa, wannan aikin asibiti ne. Haka in rashin barcin ya kai dare uku a mako har wata uku: sai a nemi horon gyaran ɗabi'ar barci a wurin likita, wanda ƙungiyar likitocin Amurka ta sa a gaba da kowace ƙwaya tun 2016.