Hoda ko mai a kan kwalliya, ofis ko mota?

"Salam 'yan uwa. Ina aiki a Garwa, ina shafa man kariyar rana da safe sai in ɗora kwalliya. Wai sai an ƙara duk bayan awa 2, to yaya zan yi ba tare da na ɓata fuska ba? Kuma ni cikin ofis nake wuni, sai mota zuwa da dawowa, dole ne?"

Wa alaikis salam 'yar'uwa. Maganar awa 2 ɗin nan ta wanda ke cikin rana ce, mai talla, mai mashin, mai wuni a kasuwa. Ke naki lissafin ba na agogo bane, abu uku zaki duba: taga, zufa, da alwala. Alwalar nan ita ce ake mantawa da ita, in kin wanke fuska sau uku na Azahar kin goge da hankici to wanda kika shafa ƙarfe 7 ya tafi, ko SPF 50 ne, wato lambar ƙarfin kariyar da ke jikin man.

Ofis da mota ba ɗaya bane. Gilashin taga yana tare mafi yawan UVB, wato nau'in hasken rana mai ƙona fata, amma ɗaya nau'in, UVA, yana ratsawa, kuma shi ne ke ƙara duhun tabon ƙuraje da baƙin kumatu. In teburinki na can ciki rana bata taɓa ki, shafawar safe ta isa har Azahar, kar ki wahalar da kanki. In kuwa kina jikin taga har kina jin ɗumi a kunci ko hasken na faɗowa kan takardunki, to ki ɗauka kamar rabi a waje kike, ki ja labule ko ki matsar da kujera, ya fi komai sauƙi. Mota ta fi tsanani. Gilashin gaba mai ninki biyu ne da leda a tsakani, yana tare kusan duk UVA, na gefe kuwa yawanci falle ɗaya ne, yana barin da yawa ya wuce. Mu nan direba hagu yake zama, to in da safe kudu kika nufa rana na hagunki, da yamma kin juyo arewa tana hagunki kuma. Ni haka na gane nawa, kuncin hagu da bayan hannun hagu suka fi na dama duhu, na daɗe ina zargin sabulu wallahi. Ki duba madubi a haske ki gwada ɓangarorin biyu.

Yanzu kan kwalliya. Hoda mai SPF ita ta fi daɗin aiki, bata ɓata komai kuma tana shanye maiƙo, amma gaskiya kariyarta kaɗan ce, don SPF ɗin da aka rubuta ana auna shi ne da shafi mai kauri, miligiram 2 kan kowane santimita murabba'i, ba wadda zata zuba hoda haka sai ta koma kamar an tsoma ta a gari. Mai ruwa-ruwa shi ne ke bada kariya ta gaske, sai dai yana son dabara: ki fara danna tishu ki ɗebe zufa da maiƙo, ki matsa man a bayan hannu, ki ɗiba da soson kwalliya ki dinga dannawa a hankali, kar ki murza. In kika ga yana dunƙulewa kamar dattin goge-goge, ko kin murza ne ko baki ɗebe maiƙon ba. Mai kamar sandar jan baki yana tsakiya, sai kin bi wuri kamar sau 4 kuma yakan kwaso hodar da ke ƙasa, na fi son sa a bayan hannu da wuya. Na feshi kar ki fesa kai tsaye a fuska ki shaƙa, a tafin hannu ake fesawa.

Da ni ce ke ga yadda zan yi. Safe mai SPF 30 ko sama, tsawon yatsu biyu ga fuska da wuya, in bar shi minti 15 kafin kwalliya da fita. Azahar tunda fuska ta wanku ai dama ta samu, in busar in sake shafa cikakke, hoda kaɗan a sama, ba ma zancen ɗorawa kan kwalliya. Bayan La'asar in ƙara kafin in shiga mota, har bayan hannu. A Maris da Afrilu da zafin Garwa ke haura 40 zufa kaɗai na wanke shi, in kin fita aike tsakar rana ki ƙara da soso. Hazon hunturu ma kar ya ruɗe ki.

In kina da baƙin kumatu ki nemi mai launin fata, wanda aka rubuta CI 77491, 77492 ko 77499 a jikinsa, shi ne ke tare hasken da ido ke gani wanda ke tada tabo a baƙar fata, kuma yana maye miki gurbin man kwalliyar, shafa ɗaya bayan alwala kin gama.