Kafin ka sayi kwamfutar da za ka ɗora wa Linux, duba wanda ke riƙe da makullanta

Mutum zai sayo laftof sabuwa dal, ya soka mata filash ɗin Linux, ya kunna, sai wani akwati ya fito a allo ɗauke da `Secure Boot Violation` ko `Invalid signature detected`. Filash ɗin lafiyarsa ƙalau, injin ma haka. Wani mai gadi ne mai suna Secure Boot da ke zaune a cikin kwamfutar ya duba fayil ɗin farko, ya ga bai san wanda ya sa masa hannu ba, ya hana shi wucewa. Tunda ba duka kwamfutoci ne ke ba ka ikon yi wa mai gadin nan magana ba, gara ka san halinsa kafin ka zaro kuɗi.

Da ka danna maɓallin kunnawa, manhajar da ke fara farkawa ita ce UEFI, wadda har yau da yawanmu ke kira BIOS. Ita ke leƙa wani ɗan sashe na faifai ta ɗauko fayil ɗin da zai tayar da babbar manhaja. A kan filash, yawanci sunansa `\EFI\BOOT\BOOTX64.EFI`. Idan Secure Boot na kunne, kafin ta bar shi ya motsa sai ta lissafa zanen yatsansa da SHA-256, ta duba sa hannun da ke manne da shi, sannan ta gwada su da jeri biyu da take ajiye da su. Na farko `db`, jerin takardun shaidar waɗanda aka amince da su. Na biyu `dbx`, jerin waɗanda aka soke, kuma shi ke da rinjaye: abin da ya shiga `dbx` ba ya wucewa ko da sa hannunsa na gaske ne. Sama da waɗannan akwai makullan `KEK` da ke ba da izinin sauya jerin biyun, a can ƙoli kuma akwai `PK`, wanda galibi na kamfanin da ya ƙera injin ne.

To iyakar binciken ke nan. Ba ta karanta fayil ɗin ta ga ko yana da cuta, ba ta kuma san ko manhajar mai kyau ce ko maras kyau ba. Tambayarta biyu ce rak: wa ya sa hannu, kuma an taɓa fayil ɗin bayan ya sa? Shi ya sa manhajar da kai da kanka ka haɗa, tsaf ba aibi, za a kore ta, alhali wadda ke da ɓaraka amma tana da sa hannu za ta wuce har ranar da aka soke ta. Hakan ya faru a 2020 da ɓarakar GRUB, shirin da ke tayar da Linux, wadda aka yi wa laƙabi da BootHole.

Abin da ya fi shafar mai saye shi ne abin da ke cikin `db`. Tun fitowar Windows 8 a 2012 Microsoft ta wajabta Secure Boot a kan injinan da ke son tambarinta, don haka kusan duk kwamfutar Windows tana ɗauke da takardar da ke shaidar fayil ɗin tashin Windows, `Microsoft Windows Production PCA 2011`. Akwai kuma ta biyu, `Microsoft Corporation UEFI CA 2011`, wadda kamfanin ke sa wa kayan wasu hannu da ita. Ta wannan ƙofa ta biyu Linux ke shiga. Ubuntu da Fedora da openSUSE, da Debian tun fitowa ta 10 a 2019, suna tura wa Microsoft wani ƙaramin shiri mai suna `shim` ta sa masa hannu. Shi `shim` yana ɗauke da takardar masu Linux ɗin a cikinsa. Da ita yake tantance GRUB, daga nan a tantance kanel, wato zuciyar Linux. Kowa sai ya duba na gaba da shi kafin ya miƙa masa ragama. Filash ɗin girka Arch Linux kuwa ba ya zuwa da wannan sa hannun, don haka ko a inji mai sauƙin hali ba zai tashi ba sai an kashe Secure Boot tukuna.

Da wannan ma'auni, zaɓin da ya fi kwanciyar hankali shi ne kwamfutar Windows ta gama-gari, mai Intel ko AMD, wadda takardun biyu ke cikinta kuma saitinta ke barin ka kashe Secure Boot ko ka zuba makullanka. Mafi yawan kwamfutocin tebur da ake haɗawa da hannu haka suke. Sai dai kada ka ɗauka dole ne. A zamanin Windows 8 ƙa'idar ta ce lallai irin waɗannan injina su bar mai su ya kashe shi. Da Windows 10 ta zo, aka bar wa masu ƙera su zaɓi. Akasarinsu sun ci gaba da barin maɓallin, amma gani da ido ya fi.

Wadda ta fi ruɗa mutane ita ce mai ɗauke da laƙabin Secured-core PC, irin ta manyan ma'aikatu. A cikinta takarda ta biyun nan a kashe take tun daga masana'anta, Windows kaɗai aka yarda da ita. Ga yadda abin ke kasancewa. Ka rubuta Ubuntu a filash, ka gwada shi a tsohuwar kwamfutarka mai Secure Boot a kunne, ya tashi sumul. Ka kai shi sabuwar, ka zaɓe shi a jerin tashi, allo ya ɗan yi duhu ya dawo da kai jerin, ko ya wuce Windows abinsa. Wani lokaci ko saƙon kuskure babu. Tunda filash ɗin ya yi aiki a wani injin, ka san ba shi ba ne, kuma tunda ko tambarin GRUB ba ka gani ba, an tare shi ne tun a mataki na farko, wato UEFI ce ta ƙi `shim`. Maganin yana cikin saiti: a ThinkPad na Lenovo sunansa `Allow Microsoft 3rd Party UEFI CA`, ƙarƙashin sashen Secure Boot. Ka kunna shi, ka adana, Ubuntu zai tashi ba tare da ka kashe kariyar ba.

Amma dakata kafin ka taɓa. Idan BitLocker ya kulle faifan Windows ɗin, to makullinsa yana ɗaure da yanayin Secure Boot ta cikin guntun tsaro na TPM. Sauya wannan saiti na iya sa Windows ta tsaya a shuɗin allo tana neman lambar ceto mai alƙaluma 48. Ka nemo ta a asusunka na Microsoft, ka rubuta a takarda, sannan ka shiga saitin. Ni dai ba na kallon irin wannan kwamfuta a matsayin abin gudu, ingancinta yakan yi kyau, aikin minti biyu ne kawai ga wanda ya san inda zai duba.

Akwai kuma waɗanda ƙofarsu a garƙame take. Surface RT da sauran na'urorin Windows RT masu ARM an hana kashe Secure Boot a cikinsu gaba ɗaya. Idan ka ci karo da su da araha, ka wuce. Mac da Chromebook kuwa ba wannan tsarin suke bi ba, kowanne da nasa. Mac mai guntun T2 yana da `Startup Security Utility`, inda sai ka sassauta tsaro kuma ka ba da izinin tashi daga filash. Masu guntun M1 zuwa sama ba sa tashi daga filash ɗin Linux na yau da kullum, sai ta hanyar aikin Asahi Linux, shi ma ba kowane samfuri ba. Chromebook sai ka shiga `Developer Mode`, wanda ke goge duk abin da ke cikin na'urar. Wanda Linux ne babban burinsa, ban ga dalilin da zai sa ya fara da waɗannan ba.

Ta hannu fa, wato wadda wani ya riga ya yi amfani da ita? Nan matsalar ba ta takarda ba ce, ta kalmar sirri ce. Laftof ɗin da ta fito daga wata ma'aikata takan zo da kalmar sirrin mai kula a kan BIOS: Windows na tashi lafiya lau, amma saitin Secure Boot ya dushe, ba ya taɓuwa. A laftof ɗin kasuwanci na zamani cire ƙaramin batirin da ke cikin injin ba ya goge ta. Kada mai sayarwa ya ce maka abu ne mai sauƙi. In mai sauƙi ne, ya cire a gabanka. A wasu laftof ɗin Acer kuma akasin haka ne, saitin ba ya buɗewa sai ka sa kalmar sirrin da kanka, don haka dushewa kaɗai ba hujja ba ce.

Gwajin da nake yi bai wuce minti goma ba. A Windows ka buɗe `msinfo32` ka duba layin `Secure Boot State`. Ka sake kunna injin, ka shiga saiti da F2 ko Del ko abin da ya nuna, ka ga ko ana iya kashewa, ko akwai `Custom Mode` ko `Setup Mode` na zuba makullai. Sannan ka tayar da filash ɗin Ubuntu ko Fedora na kwanan nan, Secure Boot na kunne, ka buga:

```
mokutil --sb-state
```

Idan ya amsa `SecureBoot enabled`, sarƙar ta haɗu daga farko har ƙarshe. Na ce na kwanan nan ne saboda tsohon filash na iya faɗuwa ba da laifin injin ba. A Agustan 2024 wani sabunta Windows ya sa kwamfutoci masu Windows da Linux tare suka riƙa nuna `Verifying shim SBAT data failed: Security Policy Violation`, don an soke tsofaffin `shim`. Ka kuma tambaya ko kamfanin na ci gaba da fitar da sabunta BIOS na wannan samfurin: wa'adin takardun 2011 shekarar 2026 ne, an fito da na 2023 su gaje su, kuma injin da bai karɓi sababbin ba ba zai gane fayil ɗin da su kaɗai suka sa wa hannu ba.

Bayan saye, za ka iya barin Secure Boot a kunne ka zauna kan Linux mai sa hannu, wanda shi ne shawarata ga yawancin mutane. Wurin da za ka yi tuntuɓe shi ne direban da aka haɗa a kan injinka, irin na NVIDIA ko VirtualBox: kanel zai ƙi shi da `Key was rejected by service` har sai ka shigar da makullinka ta `mokutil --import`, ka tabbatar da shi a shuɗin allon da zai fito a tashi na gaba. Mutane da yawa sukan tsallake allon nan cikin sauri, su dawo suna mamakin me ya sami katin hotonsu. Za ka iya kuma kashe shi baki ɗaya, komai ya tashi, har da mugun shirin da ke maƙalewa kafin babbar manhaja. Wasu wasannin Windows 11 ma ba sa buɗewa sai yana kunne.

Hanya ta uku ita ce ka zuba makullanka da kayan aiki irin `sbctl`, ka zama kai ne mai `PK`. Nan ake jin daɗin mallaka, nan kuma ake ƙona hannu. Katin hoto da wasu na'urori suna da tasu ƙaramar manhajar tashi, kuma da takarda ta biyun nan ta Microsoft aka sa mata hannu. Ka share ta daga `db`, injin na iya tashi da baƙin allo, ko saitin da za ka gyara ba za ka gani ba. Shi ya sa ake buga `sbctl enroll-keys -m`. Wannan `-m` ɗin ita ke zuba takardun Microsoft tare da naka.