Gajere za a matsar ko dogo? Lissafin mazubin da ya fi ɗaukar ruwa

"'Yan uwa, ina kan tambayar Container With Most Water ta LeetCode. Na ga kowa yana matsar da gajeren gefe ciki, lambar kuma tana aiki, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Me ya hana a matsar da dogon? Ta yaya aka san ba a tsallake amsa ba?"

Ɗan uwa, mu ɗauki misalin da ke cikin tambayar kanta, mu gwada hanyoyin biyu a kansa: `[1,8,6,2,5,4,8,3,7]`. Sanduna tara ne, daga lamba 0 zuwa 8. Ruwan da sanduna biyu za su riƙe shi ne tazarar da ke tsakaninsu sau tsayin gajeriyar cikinsu, domin ruwa ta gajeren gefe yake zubewa: `(r - l) * min(h[l], h[r])`. Sandunan da ke tsakiya ba sa shiga lissafi, kada a haɗa wannan da Trapping Rain Water.

An fara daga ƙarshe biyu. Hagu tana da tsayi 1, dama tana da 7, tazara 8, ruwa 8.

A ce dogon ka matsar. Ka jefar da sanda mai tsayi 7, ka riƙe mai tsayi 1. Duk abokiyar da ka haɗa ta da ita, ko da 8 ce, ruwan ba zai haura tsayi 1 ba, tazara kuwa raguwa take: 7, 6, 5, har ƙasa. Za ka tashi da 8, alhali amsar gaskiya 49 ce, kuma sandar da ka jefar tana cikin masu bayar da ita. Matsar da dogo ba ya taɓa ƙara ruwa, domin faɗi ya ragu, gajeren da ke tauye tsayi kuma yana nan.

To, a ce gajeren ka matsar. Hagu ta koma lamba 1, tsayi 8. Tazara 7, gajere 7, ruwa 49. Yanzu sandar dama ce gajeriya, kuma nan ne wurin da ya kamata a tsaya a duba sosai, tunda sanda ce mai kyau, jefar da ita yana da ban tsoro. Me aka bari idan aka jefar da ita? Haɗinta da sanduna 2 zuwa 7, wato 36, 10, 20, 12, 14 da 3. Babu wanda ya kai 49, kuma ba sa'a ba ce. Kowane haɗi a cikinsu tazararsa ba ta wuce 6 ba, tsayinsa kuma ba zai wuce 7 ba komai tsawon abokiyar, saboda haka ko sanda mai tsayi dubu ce a tsakiya, iyakarsa 42. Gajeriyar ta riga ta ba da mafi yawan abin da za ta iya bayarwa cikin sandunan da suka rage, an kuma rubuta shi. Haɗinta da na waje kuwa, irin lamba 0, an sallame shi tun lokacin da aka jefar da waccan, da wannan hujjar dai.

Abin da ke rikita mutane shi ne zaton cewa matsawar dole ta ƙara ruwa. A'a. Daga 49 za ka faɗo 18, domin sanda ta 7 tsayinta 3 ne, tazara 6. Alkawarin kawai shi ne ba a jefar da wani haɗi da ya fi wanda ke hannu ba. Shi ya sa ake ajiye `best` daban.

Taki na gaba 8 ce da 8, tazara 5, ruwa 40. Idan suka yi kunnen doki haka, matsar da duk wadda ka so, hujjar ta hau kan kowace. Ban ga amfanin ƙara wani sharaɗi na leƙa gaba ba, rikita lamba kawai yake yi.

```python
l, r, best = 0, len(h) - 1, 0
while l < r:
    best = max(best, (r - l) * min(h[l], h[r]))
    if h[l] < h[r]:
        l += 1
    else:
        r -= 1
```

Idan ka gwada kowane haɗi ɗaya bayan ɗaya, sanduna tara za su ba ka haɗi 36, wannan hanyar kuwa taki 8 ne. Ga sanduna 100,000, iyakar da tambayar ta sa, haɗi kusan biliyan 5 ne a gefe guda, taki 99,999 a ɗaya gefen: `O(n²)` da `O(n)`. Amma kada ka raina hanyar farko, tana da amfani wajen bincike. Rubuta duka biyun, ka ba su gajerun jerin lambobi barkatai, ka kwatanta amsoshinsu. Sannan ka juya `<` na layin `if` ya koma `>` da gangan. A kan wannan misalin namu lambar za ta fitar da 8 maimakon 49.