Ajin tsara littafi da na shiga a WhatsApp: na ƙaru, amma ina da ƙorafi

Masu tambayata ko ajin nan na tsara littafi ya cancanci kuɗinsa, ga abin da na gani.  Ni dai littafi nake rubutawa a kan kiwon kajin nama a cikin gida, domin matan da ke son farawa da 'yan tsaki 50 ko 100 a bayan ɗaki. Na daɗe a sana'ar, abin faɗa kuwa ya yi mini yawa, shi ya sa na biya.

Aikin farko da Malama ta ba mu shi ne kowa ya turo jerin babobinsa. Na tura nawa guda 14, kowanne da kai irin na littafin makaranta: Tarihin Kiwon Kaji, Muhalli, Abinci, Cututtuka, Kasuwa, da sauransu. Amsar ta zo a saƙon murya, kuma a kan babi ɗaya kawai ta tsaya, wato Cututtuka. Ta ce, "Hajiya, matar da ta buɗe wannan babin da tsakar dare, me ya tashe ta daga barci? Ki faɗa mini da bakinta, ba da bakinki ba." Wallahi raina ya ɗan sosu, domin babin da na fi wahala a kansa ke nan. Sai ta ce in ajiye littafin, in koma cikin wayata in tono saƙonnin da masu sayen 'yan tsaki a wurina suke turo mini, in kwafe tambayoyinsu yadda suka rubuta, kowace a ƙyallen takarda daban.

Nan abin ya ba ni mamaki. Babu mace ɗaya da ta taɓa ce mini in yi mata bayanin cututtukan kaji. Abin da suke rubutowa shi ne, "Anti, 'yan tsakina suna ta mutuwa tun shekaranjiya, me ya jawo?" Wata ta ce, "Wane rigakafi zan ba su, kuma yaushe?" Wata kuma, "Na ga jini a kashinsu, me zan yi?" Tambayoyi uku ne daban, masu su ma a hali daban suke. Ta farko tana makon farko, ta biyu ba abin da ya same ta tukuna, shiri take yi, ta uku kuwa kajinta sun fara tasawa. Ni kuma na cusa su duka a babi guda mai shafi kusan 30, na fara da jera sunayen cututtuka.

Malama ta sa na ɗauki tambayar farko na rubuta amsarta a jimla ɗaya tak a ƙasan takardar. Dokarta ita ce, in amsar ta ƙi shiga jimla ɗaya, to tambayar ba ɗaya ba ce, a raba ta. Na rubuta cewa yawancin mutuwar makon farko daga sanyi ne, ko zafin da ya yi yawa, ko rashin kaiwa ga ruwa. Da jimlar ta zauna, sai babin ya tsara kansa. Amsar ta zo a sakin layi na farko. Bayanta dalili, cewa ɗan tsako bai iya riƙe ɗumin jikinsa ba tukuna, yana buƙatar zafi wajen digiri 32 zuwa 35 a makon farko. Sai yadda mace za ta gane ko ba ta da ma'aunin zafi: in sun cure wuri guda kusa da garwashi ko fitila suna hawa kan juna, sanyi ne, in sun gudu jikin bango suna haki, zafi ya yi yawa, in sun bazu suna ci suna sha, lafiya lau. Daga ƙarshe abin da za ta yi a daren nan kafin gari ya waye. Duk dogon bayanin da na yi a kan cutar Gumboro da rigakafin Lasota ya fita daga babin, ya koma na rigakafi, domin ba shi ya tashe ta daga barci ba. Zawo mai jini da maganar jiƙaƙƙen ɓuntu suka samu babinsu.

Jerin babobin ma ya sauya. Malama ta ce a bi tambayoyin yadda suke riskar mai karatu, kuma amsar kowane babi ta haifar da tambayar na gaba. Wadda ta san yadda za ta raya 'yan tsaki mako guda, abin da zai zo mata a rai shi ne yaushe za ta sauya musu abinci daga sitata zuwa finisha. Babin Tarihi kuwa na juya takarduna kaf ban ga wadda ta tambaye shi ba, ya tafi. Na tashi da babi 11. A ranar da na ga jerin, da an ce in ƙara kuɗi da na ƙara.

To amma bari in faɗi ɗayan ɓangaren, don har yanzu yana cin raina. Akwai tambayar da ta fi kowace yawa a takarduna: "Nawa zan ci riba a kaji 100?" Malama ta kafe cewa wannan ita ce kan babin, kuma dole in ba da amsa a jimla ɗaya, da lamba a ciki. Na yi mata bayani cewa kuɗin buhun abinci ba ya tsayawa wuri guda, abinci kuma shi ne mafi girman abin da ake kashewa a kiwon nan. Farashin kaza a jajiberin sallah daban yake da na sauran watanni. Duk lambar da na buga, kafin littafin ya fito daga maɗaba'a ta zama ƙarya, kuma wata baiwar Allah za ta ci bashi a kanta. Amsar da na samu ita ce in daina gudun tambayar mai karatu. A gaban mutum sama da 60 a guruf, ba ma a keɓe ba.

Ni da kaina na warware shi daga baya. Na mayar da tambayar ta zama, "Yaya zan lissafa ribata kafin in sayi 'yan tsaki?" Wannan tana da amsa guda wadda ba ta tsufa: kuɗin 'yan tsaki, da abincin mako 6 zuwa 8, da rigakafi, da gawayi, da ɓuntu, a cire daga kuɗin kajin da suka rayu, ba waɗanda aka saya ba. Wato wani lokaci tambayar da mai karatu ya yi da bakinsa sai marubuci ya ɗan gyara ta kafin ta iya ɗaukar babi, kuma ajin bai koyar da wannan ba ko kaɗan. Na tura gyaran, shiru. Na sake tuntuɓa, aka ce duba na biyu kuɗinsa daban, alhali a talla an rubuta "za a bi ka har ƙarshe".

Akwai wani bawan Allah a ajin da ke rubuta tarihin garinsu, shi ma an matsa masa sai kowane babi ya zama tambaya irin ta mai neman mafita, har ya daina magana a guruf ɗin. Don haka in littafinki na koyar da sana'a ne ko warware matsala, ki shiga, darasin takardun nan kaɗai zai gyara miki aiki. In tarihi ne ko labarin rayuwa, ki tambaya tukuna ko an taɓa tsara irinsa a ajin. Kuma kafin ki tura ko sisi, ki sa a rubuta miki sau nawa za a duba tsarinki.