Fayil ɗin rubutu ko rumbun tunawa: wanne ya dace da wakilin da ke aiki kowane dare?

Tambaya: "Jama'a, ina da wakili na ƙirƙirarriyar basira da ke tashi kowane dare yana sauya tsohon kod ɗinmu zuwa sabon tsari. Duk tashin da zai yi sai ya faro daga farko, kamar bai taɓa ganin aikin ba. In sa ya riƙa rubutu a fayil, ko in haɗa masa rumbun tunawa?"

Malam, ga irin aikinka fayil za ka fara da shi. Dalilin kuwa yana cikin yadda kowannensu ke dawo wa wakili da abin da ya ajiye.

Shi samfurin harshe, wanda ke tafiyar da wakilin, ba ya riƙe komai da kansa bayan an rufe zagaye. Abin da aka zuba masa a gaba lokacin da ya tashi, shi kaɗai ya sani. Saboda haka duk wata tunawa rubutu ce da aka ajiye a waje, aka sake miƙa masa. Fayil ana miƙa shi gaba ɗayansa, daga layin farko zuwa na ƙarshe, kuma ana iya goge layi a sa wani a madadinsa. Rumbu kuwa ba a karanta shi duka. Kowane bayani ana mayar da shi jerin lambobi masu wakiltar ma'anarsa, a ajiye a wuri irin su pgvector ko Chroma. In wakili ya yi tambaya, ita ma a mayar da ita lambobi, a ɗebo masa guda biyar ko goma da suka fi kusa da ita. Abin da bai shiga cikin waɗannan ba, a wannan daren tamkar babu shi ne.

Mu ɗauki aikinka. A ce manyan fayiloli 40 ne za a sauya, kuma zuwa daren Laraba an gama 17. Abin da wakilin daren Alhamis ke bukata bai fi wannan ba:

```
# NOTES.md
An gama: 01-17 (commit a3f9c21)
Ana kai: 18 payments, rabi
Gwaji: pnpm test
Kar a taba: legacy/tax.js
An gwada, bai yi ba: sabunta date-fns
```

Kamar takardar miƙa aiki ce da mai aikin dare ke bar wa na safe. Duk layin da ke ciki dole ne a gan shi, ko wakili ya tambaya ko bai tambaya ba. Dubi layin "kar a taɓa". In a rumbu kaɗai ka ajiye shi, sai wakili ya yi bincike mai kama da shi kafin ya fito, alhali wanda bai san akwai hani ba, ba zai je neman hani ba. Zai buɗe fayil ɗin haraji ya gyara abinsa, da safe ka tarar da ɓarna.

Sai matsala ta biyu, wadda ta fi wannan cin rai. A ce makon jiya ana gwaji da `npm test`, wannan makon kuka koma `pnpm test`. A fayil, layi guda za a sauya, tsohon ya tafi ke nan. A rumbu kuwa, muddin ba ka tsara yadda za a goge ko a sabunta ba, bayanan biyu suna nan zaune kafaɗa da kafaɗa, kuma ta fuskar ma'ana kusan abu ɗaya ne. Binciken kamanceceniya bai san jiya da yau ba. Haka kuma ba ya rarrabe "wannan hanya ta yi aiki" da "wannan hanya ba ta yi aiki ba" yadda ya kamata, don kalmominsu kusan ɗaya ne. Alamar da za ka gane wannan ciwo ita ce wakili yau ya bi sabuwar doka, gobe ya koma tsohuwa, ba tare da ka taɓa komai ba. Masu binciken Stanford da Google da suka gina wakilai 25 a wani ƙaramin gari na kwaikwayo a 2023 ba su dogara da kamanceceniya kaɗai ba: sun haɗa ta da kusancin lokacin bayani da kuma muhimmancinsa wajen ba shi maki. In za ka yi rumbu, ko ba komai ka sa wa kowane bayani kwanan wata da inda ya fito.

Fayil ma yana da nasa aibin. Kumbura yake yi. Wakili ya fi son ƙari a kan gogewa, to bayan wata guda sai ka ga layi ɗari shida, rabinsu labarin abin da ya riga ya wuce. Duk wannan ana loda shi kowane tashi, kana biyan kuɗin tokin, wato guntayen rubutun da samfuri ke karantawa, yana cin gurbin da kod ɗin ya kamata ya zauna, kuma muhimmin layi ya nutse a tsakiya inda samfuri ya fi yin sakaci. Maganinsa ka yanka masa iyaka, misali layi 100, ka kuma rubuta a umarninsa cewa sake rubuta fayil ɗin zai yi, ba liƙa sabo a ƙasa ba. Ka sa ya sabunta shi bayan kowane mataki, kar ya jira ƙarshe, don zagayen da ya mutu a tsakiya ba ya barin wasiyya. Sannan ka sa fayil ɗin cikin git, da safe `git log -p NOTES.md` ya nuna maka abin da wakili ya yanke shawarar tunawa. Wannan a wurina shi ne babban fifikon fayil: da idonka za ka karanta, da hannunka za ka gyara. In kuma wakilai biyu na gudana lokaci ɗaya, na ƙarshen rubutu zai shafe na farko, sai ka ba kowa nasa fayil.

To yaushe rumbu ke da rana? Lokacin da abin tunawa ya fi ƙarfin a karanta shi duka, kuma kaɗan daga ciki ake bukata a kowane lokaci. Wakilin da ke amsa wa dubban abokan ciniki, kowa da tarihinsa, ba zai loda tarihin kowa don mutum ɗaya ba. A naka aikin ma, in kurakuran da aka warware suka kai ɗaruruwa, ya dace a zuba su rumbu, wakili ya bincika idan ya ci karo da kuskure. Sai dai ga saƙon kuskure, binciken kalma da kalma ya fi na ma'ana kamawa, har `grep` a kan babban fayil na tsoffin bayanai yakan wadatar. Tsarin MemGPT da aka fitar daga jami'ar Berkeley a 2023 haɗa biyun ya yi: ƙaramin sashe da ke gaban samfuri kullum wanda yake iya gyarawa, da babbar ma'ajiya da sai ya bincika.

Abu guda ya shafe su duka. Abin da wakili ya rubuta ba lalle ne gaskiya ba. Yana iya rubuta "an gama 18" alhali gwaji bai wuce ba, na gobe kuma ya ɗauka haka ne. Shi ya sa na sa lambar commit a misalin can. Matakin farko na kowane tashi ya zama karanta fayil, duba `git log`, gudanar da gwaji. In suka saɓa, a yarda da gwaji a gyara fayil. Kuma kar ka bari ya kwafo rubutun waje kai tsaye cikin ma'ajiyarsa, don umarnin ɓoye da ya shiga sau ɗaya zai riƙa dawowa kowane dare har sai wani ya cire shi, kuma gano shi a fayil mai layi 100 ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan rumbu mai bayani dubu goma.