Farashin ɗaki kala-kala ne: abin da sabon ma'aikacin otal zai auna kafin ya faɗa wa baƙo kuɗi

Ɗaki guda a otal yana iya samun farashi uku ko huɗu a rana ɗaya, kuma wanda ke zaune a teburin karɓar baƙi shi ne zai taya baƙo zaɓen wanda ya dace da shi. Sunayen waɗannan farashi suna fitowa a na'ura ko a takardun aiki da Turanci ko Faransanci, shi ya sa za mu kawo su yadda ake ganinsu a rubuce. Kuɗaɗen da za mu ambata misali ne kawai, don kowane otal a Maradi da nasa tsarin.

A fara da rack rate, wanda takardun Faransanci ke kira tarif affiché. Shi ne cikakken kuɗin ɗaki na kwana ɗaya ba tare da ragi ba, wanda ake liƙawa a bango ko a bayan ƙofar ɗaki. Daga kansa ake lissafa duk wani ragi, kuma a ƙa'ida ba a haura shi. Mu ɗauka ɗaki mai na'urar sanyaya iska jika 25 ne, har da karin kumallo.

Wanda aka fi faɗa wa wannan farashi shi ne walk-in, wato baƙon da ya shigo da jakarsa bai kama ɗaki tun da wuri ba. A garin kasuwanci irin Maradi, inda mutum zai taso daga Katsina ta Jibiya da Ɗan Isa, ko matafiyi tsakanin Yamai da Damagaram dare ya riske shi, irin waɗannan baƙi ba sa yankewa. Kuskuren sabon shiga shi ne ya ga mabuɗi a rataye ya ɗauka ɗakin ba mai shi. Kafin a ce akwai, a duba abu biyu: jerin waɗanda ake jira yau, da ko an gyara ɗakin. Ɗakin da ba kowa a ciki amma an yi wa wani alkawarinsa, sayayye ne.

Ragi kuma ba a yin sa da ka. Corporate rate farashi ne da otal ya daidaita a rubuce da wani kamfani ko ƙungiya da ke turo ma'aikatanta a kai a kai. Baƙo ya ce shi ma'aikacin ƙungiya kaza ne bai wadatar ba, sai an ga sunan ƙungiyar a jerin yarjejeniya, an ga katin aikinsa ko takardar da aka turo shi da ita. Sannan a duba abin da ke cikin farashin. Idan na yarjejeniya jika 20 ne ba karin kumallo, karin kumallon kuma jika 2 da rabi, to rangwamen gaskiya jika 2 da rabi ne, ba jika 5 ba. Haka nan a lura da HT da TTC a takardar biya: na farko kuɗi ne ba haraji, na biyu har da haraji. Baƙo dai na biyun yake son ji, don shi zai fita daga aljihunsa.

Inda aka fi samun rigima shi ne lokacin fita. Otal ba ya sayar da awa 24 daga lokacin da mutum ya shigo, dare yake sayarwa. A mafi yawan wurare ana sakin ɗaki da ƙarfe 12 na rana, sabon baƙo ya shiga wajen ƙarfe 2, tazarar da ke tsakani kuma ta masu shara da canza zanen gado ce. Late checkout, ko départ tardif, izini ne na wuce wannan lokaci. Alfarma ce ko ciniki, ba haƙƙin baƙo ba, kuma amsarta ta dogara ga ko akwai mai jiran ɗakin.

Ga yadda ake aunawa. Wani ɗan kasuwa ya sauka ranar Talata da la'asar a ɗakin jika 25, motar da za ta ɗauke shi kuma sai Laraba ƙarfe 5 na yamma. Hanya huɗu ce a gabansa.

Ta farko, ya saki ɗaki ƙarfe 12, a ajiye masa kayansa da lamba, ya biya jika 25 kawai. Idan dama wunin a kasuwa zai yi shi, wannan ta fi, kuma babu dalilin tura shi ga wata. Ta biyu, a bar shi zuwa ƙarfe 2 kyauta, abin da otal da yawa ke yi idan ba cunkoso. Sai dai awa ukun da suka rage a ɗakin jira zai yi su. Ta uku, ya biya rabin kuɗin ɗaki ya zauna har ƙarfe 6, jimilla jika 37 da rabi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke dukan mutum, mai son ya yi wanka ya kishingiɗa bayan azahar zai ga wannan ta biya kuɗinta. Ta huɗu, ya kama dare na biyu, jika 50. Ba ta da amfani gare shi sai in akwai shakkar motar za ta kai bayan isha'i, domin wanda ya wuce ƙarfe 6 galibi cikakken dare ake caje shi, tunda sayar da ɗakin ga wani ya yi wuya.

Ma'aikaci ya shimfiɗa masa su a fili tun daren Talata: "Alhaji, ƙarfe nawa za ku tashi gobe? In kuna son ɗakin har yamma akwai ƙarin jika 12 da rabi, in kuma za ku fita da rana mu ajiye muku kaya ba ko dala." Wanda ya ji wannan tun da wuri ba ya musu, wanda kuwa ya fara jin sa a takardar biya zai ce an cuce shi. Rabin kuma daga farashin da baƙon ya biya aka fi lissafa shi: mai jika 20 zai ƙara 10. A tambayi manaja tsarin gidan a kan wannan tun ranar farko.

Kada a haɗa wannan da day use, wato kama ɗaki na wuni kawai ba kwana, kamar wanda ya iso da hantsi zai wuce da yamma. Shi farashinsa daban ne tun daga farko.

Wanda ya iso ƙarfe 3 na dare fa? Daren jiya ya kama, ko da kalanda ta juya. Idan aka rubuta masa ranar da gari zai waye, na'ura za ta nuna zai fita gobe maimakon ƙarfe 12 na ranar nan, lissafin dare kuma ya ƙi daidaita. A faɗa masa lokacin fitarsa kafin a miƙa masa mabuɗi.

Ɓarnar da ta fi yawa a late checkout ba ta kuɗi ba ce, ta rashin rubutu ce. Mai aikin dare ya amsa wa baƙo da baki ya tafi gida, mai aikin safe bai sani ba ya ba wa wani ɗakin na ƙarfe 2, masu shara suka ƙwanƙwasa suka tarar da mutum yana barci. Alamar ana wannan sakaci ita ce a ga masu shara suna dawowa tebur suna tambayar ɗaki kaza ya fita ko bai fita ba. Duk izinin da aka bayar a rubuta lambar ɗaki, lokacin da aka amince, kuɗin da aka ƙara da sunan wanda ya amince, a littafin miƙa aiki da cikin na'ura, sannan a sanar da shugabar masu shara kafin ta raba aikin safe.