Rubutun darasin minti goma: raba babi bisa agogo ko bisa aikin da aka kammala

"Ina shirya bidiyo na minti goma da zan koya wa masu shago lissafin cinikinsu a Excel. Wani ya ce in raba shi kashi biyar, kowane kashi minti biyu, in taƙaita komai a ƙarshe. Wani kuma ya ce in riƙa waiwaye bayan kowane mataki. Wanne zan ɗauka, kuma yaya zan rufe bidiyon ba tare da ya yi kama da wanda aka katse ba?"

Malam, shawarwarin biyu ba a kan waiwaye kaɗai suka saɓa ba, sun saɓa ne tun daga wurin da ake yanka babi. Na farko yana yanka bisa agogo, na biyu kuma yana jira sai hannu ya gama wani aiki da ido zai iya gani a kan allo. Domin bambancin ya fito fili, bari a ɗora su duka biyun a kan darasi guda: teburi mai kaya goma, sunan kaya a layin A, adadi a B, farashi a C, jimla a D.

A tsarin agogo, rubutun zai fito kamar haka: minti biyu na gabatarwa, biyu na jera kaya, biyu na fomular ninkawa, biyu na jimlar ciniki, biyu na taƙaitawa da bankwana. Amfaninsa shi ne sauƙin rubutawa, domin marubuci ya san girman kowane kashi tun kafin ya ɗauki alƙalami. Illarsa kuwa ita ce aikin da ake koyarwa ba ya zuwa da girma ɗaya. Jimlar ciniki fomula ce guda wadda ba ta cin fiye da minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi, amma an ware mata minti biyu, don haka dole mai darasi ya cike gurbin da surutu. Fomular ninkawa kuma, wadda a nan ne sabon ɗalibi yake fara ganin alamar daidai da sunan akwati da jan fomula zuwa ƙasa, ta fi ƙarfin minti biyu, sai a hanzarta a daidai wurin da ya kamata a sassauta. Tamkar tela ne ya yanka yadi gida biyar daidai wa daida kafin ya auna mai rigar.

Tsarin aiki yana farawa da tambaya ɗaya a kan kowane babi: idan mai kallo ya dakatar da bidiyon a nan, me zai gani a allonsa wanda babu shi ɗazu? Inda aka sami amsa, nan ne bakin babi. Idan aka bi wannan ma'auni, darasin naka zai iya fitowa haka a gurbin bayanin bidiyo:

```
00:00 Teburin da za mu gina
00:35 Jera kaya da farashi
02:50 Jimlar kowane kaya
06:10 Jimlar ciniki duka
07:30 Gyaran #VALUE!
09:00 Gwada teburin
```

Babi mafi tsawo a nan ya kai minti uku da daƙiƙa ashirin, mafi gajarta kuma daƙiƙa talatin da biyar ne kawai, kuma wannan rashin daidaiton shi ne alamar cewa an bi nauyin aikin. Ka lura kuma cewa minti biyun gabatarwa da minti biyun bankwana na tsarin farko sun ragu sosai, har aka sami sararin babi sabo a kan kuskuren da masu shago suka fi faɗawa ciki. YouTube yana da sharuɗɗa uku kafin ya mayar da waɗannan lokuta babi a kan layin bidiyo: na farko ya fara daga 00:00, su kai aƙalla uku a jere daga ƙarami zuwa babba, kuma kada wani babi ya gaza daƙiƙa goma. Tsarin biyu duka suna cika sharuɗɗan, don haka ba nan ne wurin zaɓi ba. Wurin zaɓi shi ne sunan babi. Wanda ya dawo bayan mako guda saboda teburinsa ya nuna #VALUE! zai danna 07:30 kai tsaye, alhali sunan "kashi na huɗu" ba zai gaya masa komai ba.

Akwai wani abu da ya shafi masu kallonmu musamman. Da yawa daga cikinsu ba a YouTube za su ga bidiyon ba, wani ne zai sauke shi ya tura ta WhatsApp ko Xender, kuma jerin babin da ke gurbin bayani ba ya bin fayil ɗin. Saboda haka ka rubuta sunan kowane babi cikin maganar da za ka faɗa da baki, ka kuma sa ya bayyana a kan allo na 'yan daƙiƙoƙi, domin mai jan bidiyon gaba da baya da yatsa ya gane inda yake.

Batun waiwaye shi ne inda tazarar ta fi faɗi. A tsarin agogo ana tara shi duka a minti na takwas, a ce mun ga yadda ake jera kaya, mun ga yadda ake ninkawa, mun ga yadda ake tarawa. Matsalar ita ce wanda ya yi kuskure a minti na uku ya riga ya kwashe minti biyar yana gini a kan kuskuren, wanda bai yi kuskure ba kuma ya riga ya gama, ba ya buƙatar a sake lissafa masa abin da ke gabansa. Waiwayen ya zo a makare ga na farko, ya zama nauyi ga na biyu.

A tsarin aiki, waiwaye jimla uku ce ko huɗu a gaɓar da ke tsakanin babi da babi, kuma ba ya ba da labarin abin da aka yi, yana bayyana yadda allo ya kamata ya kasance ne a wannan lokacin. Ɗauki babi na uku. Mai darasi ya danna D2 ya rubuta fomula ta farko, sannan ya kama ƙaramin murabba'in da ke kusurwar akwatin ya ja har D11:

```
=B2*C2
```

Waiwayen da za a rubuta a ƙarshen wannan babi zai iya zama: "Yanzu duba layin D. Daga D2 zuwa D11 kowane akwati yana ɗauke da lamba. Shinkafa mudu huɗu, kowane mudu naira 2,500, D2 ya nuna 10,000. Idan naka bai nuna haka ba, koma 02:50 kafin mu tara." Wannan 'yan daƙiƙoƙi ne kawai, amma ya ba ɗalibi lambar da zai gwada aikinsa da ita, ya nuna masa inda zai koma, ya kuma buɗe ƙofar babi na gaba. A ganina waiwaye biyu ko uku irin wannan sun ishi darasin minti goma. Babin jimlar ciniki ba ya buƙatar nasa, tunda fomula ɗaya ce a D12 kuma sakamakonta yana bayyana nan take:

```
=SUM(D2:D11)
```

Babin gyara kuwa ya cancanci a yi kuskuren da gangan a gaban mai kallo. Ka rubuta kalmar naira tare da lambar a akwatin farashi, Excel zai ɗauki abin a matsayin rubutu, ninkawar ta fitar da #VALUE!, jimlar da ke D12 ma ta kamu. Daga nan sai ka nuna alamar da ake gane shi da ita: idan ba a sauya tsarin akwati ba, lamba tana jingina ta dama, rubutu kuma ta hagu.

Ba na cewa tsarin agogo ba shi da wurinsa. Idan darasin bayani ne zalla, misali bambancin jari da riba, inda babu abin da mai kallo yake dannawa, to kashi masu kusan girma ɗaya da taƙaitawa guda a ƙarshe suna yin aiki, domin abin da ake so ya tafi da shi fahimta ce, kuma fahimta tana ƙaruwa idan aka haɗa gutsattsarin a wuri ɗaya. Naka darasin kuwa na bin hannu ne.

Kafin ka amince da lokutan da ka rubuta, ka karanta shafi ɗaya da murya kana kallon agogo, ka ƙirga kalmomin da ka furta a minti guda. A ce ka sami 140. Kada ka ninka da goma, domin bugun lambobi da jan fomula da ɗan shirun da ɗalibi yake buƙata don ya kamo ka za su iya cin minti biyu da rabi. Minti bakwai da rabin da suka rage sun ba ka kalma 1,050, kuma wannan ne girman rubutun. Idan kuma darasin ya kammala a minti tara, ka bar shi a tara. Wasu har yanzu suna jan bidiyo ya kai goma saboda tallan tsakiya, alhali tun 2020 YouTube ya sauko da sharaɗin zuwa minti takwas. Sallama da gaisuwa ba a yar da su, amma jimla ɗaya ta wadatar, sannan a nuna teburin da aka gama tun kafin daƙiƙa talatin ta cika.

Rufewar tsarin agogo sanarwa ce: "To jama'a, a nan muka kawo ƙarshen darasinmu," sai godiya da roƙon a danna wannan a danna wancan. Da zarar mai kallo ya ji wannan jimlar ya san babu sauran abin koyo. Idan ka taɓa ɗora bidiyo mai irin wannan rufewa, buɗe jadawalin da ke nuna inda masu kallo suke ficewa a YouTube Studio, ka duba ko layin bai karye ba a daidai daƙiƙar da ka furta ta.

Rufewar tsarin aiki gwaji ce, shi ya sa babi na ƙarshe yake da aikin kansa. Mai darasi ya koma B2 ya mayar da mudu huɗu biyar, D2 ya tashi daga 10,000 zuwa 12,500, jimlar D12 ta ƙaru da 2,500 ba tare da an taɓa ta ba. Sai ya ce: "Idan naka ma ya sauya haka, teburinka ya kammala, gobe adadi kawai za ka canza." Babu wanda zai ji an katse shi, domin alkawarin da aka yi a daƙiƙa talatin na farko ya cika a gaban idonsa. Bayan wannan, jimla ɗaya ta isa a ambaci darasi na gaba, kuma ya fi kyau ta fito daga gazawar teburin nan, wato bai san kuɗin da aka saro kayan ba, don haka ba zai iya faɗin riba ba tukuna. YouTube yana barin a ɗora hoton bidiyo na gaba a daƙiƙa biyar zuwa ashirin na ƙarshe, don haka ka rubuta wannan jimlar ta faɗo cikin wannan tazara, ka kuma bar gefe ɗaya na allon fili domin hoton kada ya rufe D12.